Amsoshin Kuskure Masu Tona Asirin Rashin Fahimta

"Yaya zan tsara tambayoyin zaɓi a kimiyyar fiziks ta yadda amsoshin kuskure za su nuna mini inda ɗalibai suka ɓata?"

Malam, kada ka ƙirƙiro amsoshin kuskuren daga kanka. Fara ba ɗalibai tambayar babu zaɓi, ka tattara bayanan da suka rubuta, domin kurakuran da suka fi maimaituwa su ne za su zama zaɓuɓɓukanka.

Ga misali: an jefa ƙwallo sama, ba a lissafa iska ba, wane ƙarfi ke aiki a kanta lokacin da ta kai ƙololuwa? Amsar gaskiya ita ce nauyinta kaɗai, yana jan ta ƙasa. Wanda ya zaɓi "babu wani ƙarfi" ya ɗauka cewa tsayawar gudu na nufin gushewar ƙarfi, alhali gudun na ci gaba da sauyawa da kusan 9.8 m/s². Wanda kuwa ya zaɓi "ƙarfin hannu ya yi daidai da nauyi" yana ganin turin hannu na bin ƙwallon bayan ta bar tafin, kuma wannan kuskuren yana da wuyar kawarwa.

Bayan jarrabawa, duba zaɓin da babu wanda ya taɓa, ka sauya shi, domin ba ya gaya maka komai game da tunanin ɗalibanka.