Shafi da hannun kaftani a zafin Legas

"'Yan uwa, zan rubuta wa telana takarda in haɗa da shadda. Ina so ya sa shafi marar nauyi, ya buɗe hannun kaftanin, zafin Legas ya ishe ni. Me zan rubuta?"

Wayyo ɗan uwa, ka taɓo min inda ke min ƙaiƙayi. Ni ma haka na rubuta wa nawa a Agege: "shafi marar nauyi, hannu ya ɗan buɗe." Sai bawan Allah ya sa min shafin roba mai santsin nan, shuɗi, a cikin farar shadda. Da na yi magana ya ce ai ba shi da nauyi. Gaskiyarsa ce, amma iska ba ta ratsa shi! Ranar ɗaurin auren ƙanena a Idi-Araba, a watan Maris, cunkoso ya riƙe mu cikin danfo fiye da awa biyu. Na sauko rigar ta manne min a baya, shafin ya zuba, hammata duk shuɗi, ga ni waliyyin ango a gaban surukai. Har yau mutumin nan bai ce min yi haƙuri ba, wai gumina ne ya yi yawa. Allah ya isa kawai.

Don haka kar ka bar masa zaɓi. Shiga kasuwar Balogun ka sayo boyel na auduga da kanka, kalar shaddar. Zaro zare ɗaya ka ƙyasta masa ashana: auduga toka take zama, tana warin takarda, roba kuwa narkewa take ta dunƙule. Ka jiƙa shi ya bushe kafin ka aika, don auduga tana tsukewa a wankin farko, sai ta tattare gaban rigar. Ka rubuta cewa ƙarƙashin aikin wuya da ƙirji kaɗai za a sa, baya a bar shi haka. Zafin nan ba irin na Kano ba ne da gumi ke bushewa nan take.

Hannu kuwa, da inci za ka yi magana. Damtsena inci 14 ne, ya yanka 16, shi ne wai ya buɗe. Yanzu 19 nake rubutawa, kuma a sauke hammata da inci ɗaya da rabi. In bakin hannun kawai aka faɗaɗa, hammata na nan a matse, a can kuma gumin yake taruwa. Ka ƙara masa rabin yadi, kar ya ce bai isa ba, don in almakashi ya riga ya shiga babu gyara.

Af, ka ɗauki hoton takardar kafin ka ba da kafin alƙalami. Tawa cewa ya yi yaransa sun ɓatar.