Amsar "Slm" a wayar shago

"Maigida, mutum ya turo 'Slm' kawai a wayar shago, ba suna, ba bayani, ga ɗinki jibge a gabanmu. Me zai hana in ce 'Wslm' in koma kan keke?"

Yarona, wanda ya turo wannan gaisuwar da magana a bakinsa, bai dai samu ƙofar faɗinta ba. Ka san halinmu, Bahaushe ba ya fara da buƙata sai an gaisa. Wani kuma lambar ce aka ba shi a wurin ɗaurin aure, yana gwadawa ya ga ko tana aiki, ko mai shagon mutumin kirki ne. Sau da yawa ma ba kai kaɗai ya tura wa ba, teloli biyu ko uku ne, kuma wanda ya fara sakin fuska shi zai karɓi aikin.

Ɗauki mutumin da ya sayo shadda yadi biyar a Kantin Kwari, bikin ƙaninsa saura kwana goma. Yana son ya ji ko za mu iya gamawa, yana kuma jin nauyin tambayar kuɗin aikin wuya, kada ya zamo ya fi ƙarfin aljihunsa. In ka mayar masa da haruffa huɗu, ka bar masa nauyin duka a ka, sai ya yi shiru. In kuwa ka ce "Waye?", ai ka kore shi ke nan.

Ga abin da nake so ka rubuta: "Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Barka da yamma, ya gida ya aiki? Nan shagon ɗinkin maza ne. In ɗinki ne, turo mana hoton samfurin da ranar da ake buƙata, ko ka ƙaraso da yadin mu auna ka, muna nan har isha'i." Minti ɗaya bai cika ba. Ka gaishe shi, ya san inda ya faɗo, ka kuma sa masa abin da zai ce a baki. Ranar nan da ka tambaya ita ce uwa uba, musamman cikin azumi, don da ita za mu san ko aikin zai shiga layi kafin Salla. Dama can Allah Ya umarce mu a Suratun Nisa'i, aya ta 86, mu amsa gaisuwa da wadda ta fi ta ko kwatankwacinta.

Amma kada ka wuce gona da iri. Ban da zuba masa hotuna ashirin, ban da yanke kuɗi kafin ka ga yadi da irin aikin. In ya yi shiru, ƙyale shi, kada ka bi shi da kira. Wasu sai albashi ya shigo suke dawowa, kuma saƙonka na nan a wayarsu da lokacin da muke rufe shago.