Ƙarar da ba a yanke ba: tanadi ko bayani kawai?

"An kai kamfaninmu ƙara, lauya ya ce da alama za mu biya miliyan 5. Mu shigar a lissafi, ko bayani ya wadatar?"

Ku shigar, ɗan'uwa. A ƙa'idar lissafin kuɗi ta ƙasa da ƙasa mai suna IAS 37, idan abin da ya jawo ƙarar ya faru kafin rufe shekara, yiwuwar biya ta haura kashi 50 cikin 100, kuma ana iya kimanta kuɗin, tanadi ya wajaba. Miliyan 5 ɗin a cire su daga riba, a rubuta su cikin bashin da ake bin kamfani. Bayani kawai, wato a ambaci ƙarar a rahoton kuɗi ba tare da shigar da kuɗin a lissafi ba, ana yin sa ne idan yiwuwar ba ta kai haka ba, ko kimantawa ta gagara sam.

Inda na ga ana yawan tuntuɓe shi ne inshora. Kada ku rage tanadin don kuna sa ran za ta biya; kuɗinta kadara ce daban, ba ta shiga littafi sai biyan ya kusan tabbata.