Me ya sa Google ya kayar da shafina alhali yana buɗewa da sauri?

Tambaya: Ina da shafin da nake wallafa rubutu. PageSpeed Insights ya nuna mini "Core Web Vitals Assessment: Failed", alhali a kwamfutata nan take yake buɗewa. Ina matsalar take?

Amsa: Ba kwamfutarka ake aunawa ba, malam. Google yana tattara abin da masu ziyara suka gani a Chrome cikin kwana 28 da suka wuce, kuma sai ziyara 75 cikin 100 sun kai mizani kafin shafi ya haye. Mai ƙaramar waya da raunin sabis shi ne alƙalinka.

Ma'auni uku ne. LCP shi ne lokacin da abu mafi girma a fuskar waya ke ɗauka kafin ya bayyana, yawanci hoton saman rubutu, kuma ana so kada ya wuce daƙiƙa 2.5. A ce hotonka ya kai 2 MB, mai karatu kuma sabis ɗinsa 4 Mbps ne: hoton kaɗai zai cinye daƙiƙa 4. Rage faɗinsa zuwa 1200px, ka mayar da shi WebP, ya dawo kamar 150 KB, sai ya sauka cikin sulusin daƙiƙa. Kada ka sa wa wannan hoton `loading="lazy"`, jinkirta shi zai yi. Bar wannan ga hotunan da ke ƙasan shafi.

CLS kuwa tsallen da shafi ke yi ne, kuma shi ya fi ɓata wa mai karatu rai. Mutum na tsaka da karatu, talla ko hoto ya faɗo daga sama, rubutu ya zame ƙasa. Dalili shi ne burauza ba ta san girman abin da ke zuwa ba, don haka ba ta tanadar masa wuri ba. Idan rubutun da ya cika rabin fuska ya zame da rubu'inta, wurin da abin ya shafa 0.75 ne, nisan 0.25, ka ninka su ka sami kusan 0.19. Iyakar da ake so 0.1 ce, ka ga tsalle ɗaya ya isa ya kayar da kai. Maganin shi ne ka faɗi girman tun farko:

```html
<img src="hoto.webp" width="1200" height="675"
     fetchpriority="high" alt="">
```

Akwatin talla ma ka ba shi `min-height` daidai tsawon tallar, kamar 250px.

Na ukun, INP, ya maye gurbin tsohon ma'auni mai suna FID a Maris 2024. Yana auna jinkiri tsakanin taɓa abu da ganin canji a fuska, kuma kada ya wuce 200 ms. Yawan JavaScript na talla da maɓallan yaɗawa ne ke riƙe wayar. Kashe su ɗaya bayan ɗaya, kana gwadawa a waya mai araha, har ka gano mai nauyin.

Bayan gyara, jan rubutun "Failed" ɗin ba zai gushe washegari ba. Sai tsofaffin alƙaluman kwana 28 ɗin nan sun fice.