Me zan rubuta a ƙarƙashin sunana a LinkedIn?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai girka sola ne a Kano, galibi a asibitoci masu zaman kansu da makarantu, ina kuma haɗa famfon burtsatse mai aiki da hasken rana. A LinkedIn na rubuta cewa ni ne shugaban kamfanina, kuma ɗan kasuwa mai kishin makamashi mai tsabta. Shekara guda ke nan ba wanda ya neme ni da maganar aiki. Wani ya ce in ba shi Naira 20,000 ya gyara mini, wani kuma ya ce in biya Premium, wato tsarin LinkedIn na kuɗi. Wanne ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Riƙe kuɗinka tukuna, domin gyaran da kake bukata kyauta ne, kuma babu wanda ya fi ka sanin abin da ya kamata a rubuta.

Layin nan da ke ƙarƙashin sunanka, wanda a shafin aka kira Headline, yana ɗaukar haruffa 220. Shi ne ke bin ka duk inda ka je a dandalin: idan ka yi tsokaci a ƙarƙashin rubutun wani, idan ka aika wa mutum takardar neman zumunci, idan sunanka ya fito a sakamakon bincike. A yawancin waɗannan wurare ba a nuna shi duka. Musamman a waya, kalmomin farko kaɗan ake gani, saura a yanke da ɗige-ɗige. To kai a wannan ɗan fili ka sa "shugaban kamfani". Manajan asibitin da kuɗin dizal ya ishe shi, yana neman wanda zai raba ɗakin tiyata da ɗaukewar wuta, bai san sunan kamfaninka ba, kuma shugabancinka bai gaya masa kana taɓa sola ba. Kamar shago ne a kasuwar Sabon Gari da aka rubuta wa "muna sayar da kaya iri-iri" a allo: mai neman batir zai wuce shi ya shiga na gaba.

Kafin ka rubuta komai, ka tuna ayyukan da suka fi kawo maka riba a shekaru biyun nan, ka tambayi kanka wa ya sa hannu aka biya ka. Idan masu asibiti ne da masu makarantu, su ne mutanen da za ka yi wa magana. Daga nan sai ka jera abu uku: aikin da kake yi, waɗanda kake yi wa, da yankin da kake iya zuwa. Aikin ne zai zo farko. Tunda masu neman irinka a LinkedIn da Turanci suke buga bincike, da Turancin za ka rubuta, kamar haka:

```
Solar PV installer for private clinics and schools in Kano & Jigawa | Inverter, lithium battery, solar borehole pumps
```

Wannan bai kai haruffa 120 ba, kuma ko an yanke shi a tsakiya, mai karatu ya riga ya ga sola da asibiti. Na sa Jigawa ne a matsayin misali. Idan ba ka zuwa Dutse ko Haɗeja gyara in abu ya lalace, ka cire. Mai asibiti ya damu da wannan sosai, domin wanda zai zo masa cikin sa'o'i idan inbata ta tsaya yake nema. Abin da ke bayan sandar kuwa, wato inbata da batirin litiyam da famfon burtsatse, an sa su ne saboda bincike. Injin binciken dandalin yana duba kalmomin da ke cikin wannan layi, kuma ba wanda ke buga "mai kishin makamashi" idan yana neman ma'aikaci.

Na san abin da zai tsaya maka a rai: idan na ce asibitoci da makarantu, ai na kori masu gidaje. A ganina ba ka kore su ba. Mai gida da ya ga kana riƙe wutar asibiti zai ƙara yarda da kai, kuma dama yawancin aikin gidaje ta bakin maƙwabci ko ta WhatsApp yake zuwa. Waɗanda ke zama a LinkedIn su ne manajoji da jami'an sayen kaya na ƙungiyoyi da kamfanoni.

Akwai sauran fili, kana iya ƙara hujja guda ɗaya, kamar yawan asibitocin da ka yi wa aiki, amma sai in adadin gaskiya ne da za ka iya nuna hotuna da lambobin waya a kansa. Ka guji haruffan ado masu kauri ko masu lanƙwasa da ake kwafowa daga wasu shafuka. A ido suna da kyau, amma bincike ba ya karanta su a matsayin haruffa na yau da kullum.

Yadda ake canzawa: ka buɗe shafinka, ka taɓa alamar fensir da ke kusa da sunanka, ka goge abin da ke cikin akwatin Headline, ka rubuta sabon, ka danna Save. Sai ka yi tsokaci a wani rubutu, ka duba a waya ka ga inda aka yanke. Bayan 'yan makonni ka leƙa Search appearances a ɓangaren Analytics, wanda ke nuna sau nawa ka fito a bincike da irin mutanen da suka same ka. Idan har yanzu masu tallan kwasa-kwasai kaɗai ke leƙo ka, ka sake duba kalmomin. Premium yana ƙara maka bayani kan waɗanda suka duba shafinka da damar aika saƙo ga wanda ba ku haɗu ba, amma ba ya canza abin da za su karanta idan sun zo. Ka bar shi sai ranar da kake da jerin manajojin da kake son rubuta wa kai tsaye.

Tambaya: Na gama hidimar ƙasa, na karanta ƙididdiga, ban samu aiki ba. Na rubuta cewa ina neman aiki. Ya isa? Daga wata 'yar'uwa a Zariya.

Amsa: Bai isa ba, Malama, domin mai ɗaukar ma'aikata sunan aikin yake bugawa, kuma naki layin ba shi da sunan aiki ko ɗaya. Ki duba tallace-tallacen guraben da kike so, ki ga sunan da ya fi maimaituwa, ki fara da shi, sannan ki bi shi da abin da kika iya da hannunki. Misali, idan a wurin hidimar ƙasa kin tattara bayanai a wata cibiyar lafiya:

```
Entry-level data analyst for health programmes | Statistics graduate | Excel, KoboToolbox | Hausa & English
```

Kada ki sa manhajar da ba za ki iya buɗewa ki yi aiki da ita a gaban mai tambaya ba. Hausa kuwa ki sa ta, domin ƙungiyoyin da ke aiki a ƙauyukan Arewa suna bukatar mai jin yaren mutanen da ake tattara bayanansu. Maganar neman aiki tana da wurinta daban: ki kunna Open to Work, ki zaɓi ko kowa ya gani, wanda ke sa koren zobe a hotonki, ko masu ɗaukar ma'aikata kaɗai.