Matakin Buƙata Yana Jikin Mai Saye Ne, Ba Jikin Riga Ba

Maigida, an ba mu jinga a darasin tallace-tallace cewa mu ɗauki tsanin buƙatu na Maslow mu nuna dalilin da ya sa mutane suke sayen kaya. Na sa abinci a mataki na ɗaya, kwaɗon ƙofa a na biyu, waya a na uku, mota a na huɗu. To, ɗinkin da muke yi a shagon nan, a wane mataki zan sa shi? Tufafi buƙatar jiki ne, amma sai na ga kamar babbar riga ba ta shiga nan.

Ɗana, na zaɓi in rubuta maka amsar nan ne saboda ƙarar keke ba ta bari a yi doguwar magana a shago, kuma ina so ka karanta a natse kafin ka miƙa wa malaminku aikin. Shakkar da ka yi a kan babbar riga ita ce mafi amfani a cikin duk abin da ka rubuta, domin ta nuna maka cewa jerin da ka yi yana da rauni tun daga tushe. Kaya ka jera a kan matakai, alhali kuwa mataki ba a jikin kaya yake ba, a zuciyar mai saye yake a lokacin da ya sa hannu cikin aljihu.

Bari in fara da abin da mutumin ya faɗa. Abraham Maslow masanin halayyar ɗan Adam ne ɗan ƙasar Amurka, kuma a shekarar 1943 ya wallafa maƙalar da ya kasa buƙatun mutum gida biyar: buƙatun jiki kamar ci da sha da barci, sai aminci daga tsoro da asara, sai ƙauna da zama cikin jama'a, sai daraja a idon kai da idon mutane, sannan cikar baiwa, wato mutum ya kai matuƙar abin da zai iya zama. Zanen nan mai kama da dalar gyaɗa da kuke gani a littattafanku ba shi ya zana ba, waɗansu ne suka zana daga baya don sauƙaƙa koyarwa. Bai kuma ce sai an gama da mataki ɗaya tsaf ake hawa na gaba ba. Shi da kansa ya kawo misali cewa mutum yana iya samun biyan kashi 85 cikin ɗari na buƙatar jiki, kashi 70 na aminci, kashi 50 na ƙauna, kashi 40 na daraja, da kashi 10 na cikar baiwa, duk a lokaci guda, ya kuma bayyana cewa alƙaluman misali ne kawai. Ka riƙe wannan, domin shi ne zai ba ka hujjar cewa riga ɗaya tana iya biyan buƙata biyu ko uku.

Yanzu mu dawo teburin yanka. Wanda sanyin hunturu ya kora zuwa wurin masu gwanjo a kasuwar Sabon Gari, yana laluben kaurin riga da yatsunsa ba ruwansa da launi, shi ne yake sayen tufafi don buƙatar jiki tsantsa. Irin wannan ba ya zuwa wurinmu, kuma tun daga nan ka gane cewa cinikinmu daga mataki na biyu ya fara.

Ka tuna saurayin da ya zo mana da maganar anko bara, na abokan ango su goma sha biyu. Kowannensu yadi biyar ne na kaftani da wando, ka ga yadi sittin ke nan. Da aka je sayen shadda sai aka samu yadi hamsin kawai na launin da suka zaɓa, saura na mutum biyu. Na kawo masa wata shadda da ta fi waccan kyau da nauyi, na ce zan bar masa a kuɗin waccan, ba ƙarin ko kwabo. Ya ɗauki ƙyallayen biyu ya fita bakin ƙofa, ya haɗa su gefe da gefe a hasken rana, ya jima yana kallo, sannan ya dawo ya ce, "Maigida, wannan ta ɗan fi duhu, a hoto za a gane." Ya ƙi karɓa, ya gwammace a jira har a samo irin ta farko. Da a ce inganci yake saye, da ya karɓi wadda ta fi da murna. Da a ce daraja yake nema, da ya so ya fita daban. Abin da yake biya wa kuɗi shi ne kada a ga ɗaya daga cikinsu kamar bare a ranar ɗaurin aure, wannan kuwa shi ne mataki na uku ƙarara. Shi ya sa ba na ɓata bakina ina yi wa mai anko kirarin yadi. Abin da nake faɗa masa shi ne za a yanka duka daga rini ɗaya, a yi surfanin wuya da zare iri ɗaya, a kuma ba su gaba ɗaya kwana uku kafin biki, sannan ina yi musu ragi saboda yawa, tunda a cikin sha biyun nan akwai wanda da ƙyar ya haɗa nasa kason, kuma idan kuɗin ya fi ƙarfinsa duk cinikin zai iya rushewa.

Sai ka kwatanta shi da mutumin da za a yi wa naɗin sarauta, wanda ya zo neman babbar riga mai aska takwas, ɗinkin hannu, yadi goma har da 'yar ciki da wando. Tambayarsa ta farko ba kuɗi ba ce. Abin da ya fara tambaya shi ne ko na taɓa yi wa wani irin wannan zanen da wannan zaren, kuma da na ce akwai makamancinsa sai ya ce a sake masa tsari. Ga shadda iri ɗaya da ta mai anko, ga tela ɗaya, amma abin da wancan yake tsoro, wato fita daban, shi ne wannan yake biya a yi masa. Irin wannan idan ka yi saurin rage masa kuɗi ka ɓata cinikin, domin zai fara zargin ko zaren ba na ainihi ba ne, ko kuma aikin keke za a haɗa masa. Abin da yake so ya ji shi ne makonnin da aikin zai ci a hannun mai allura, da wanda zai yi bugun rigar har ta yi sheƙi, domin ya san idanun da za su auna shi a Ƙofar Fada sun san bambancin aikin hannu da na keke tun daga nesa.

Aminci kuwa yana ɓoye a cikin su duka biyun, kuma shi ne ɗalibai suka fi mantawa. Duk wanda ya kawo yadinsa ya ba da kafin alƙalami yana da fargaba uku: kada a musanya masa yadi, kada a rage, kada a saɓa masa alkawari. Dalilin da ya sa nake auna yadi a gaban mai shi, in yanko ɗan ƙyalle in liƙa a littafin awo kusa da ranar karɓa, ke nan. Mutane da yawa suna biyan mu fiye da yadda za su biya wani tela, ba don ɗinkinmu ya fi ba, sai don sun san daren Sallah ba za su kwana a bakin shago suna jira ba.

To yaya za ka gane dalilin mai saye ba tare da zato ba? Kada ka dogara da abin da ya faɗa da farko, domin kusan kowa cewa zai yi inganci yake nema, babu mai buɗe baki ya ce yana so a gan shi ne. Hanyar da na sani ita ce ka canza abu ɗaya tak a cikin kayan, ka bar sauran yadda suke, ka ga ko ciniki zai mutu. Canza launi kaɗan ya kashe cinikin mai anko, da an maimaita wa mai sarauta zanen wani da nasa ya mutu, da an ɗaga ranar karɓa zuwa bayan Sallah da magidanci mai 'ya'ya ya kwashe yadinsa. Abin da mutum ya ƙi sassautawa a kai, shi ne ainihin abin da yake saye, kuma wannan ita ce shaidar da malaminku zai so ya gani a rubuce maimakon "ina ganin".

Akwai inda tsanin yake gazawa, kuma lallai ka ware masa sakin layi guda. Kowace shekara a cikin azumi ina ganin magidancin da ya rage cefane don ya ɗinka wa yaransa kayan Sallah, ya kawo kuɗin kashi uku, kuma raina yana sosuwa duk lokacin da ya zaro su daga aljihu a nannaɗe. Bisa jerin littafi ya kamata abinci ya riga tufafin ado, amma shi a wurinsa ɗansa ya fita Idi da tsohuwar riga cikin sa'o'insa ya fi yunwar kwana biyu ciwo. Maslow ya yi nazarinsa ne a al'ummar da take auna mutum shi kaɗai, mu kuwa mutuncin gida da zumunci sukan hau gaba da cikin mutum. Haka kuma mai ɗinka wa marayu kaya a ɓoye don neman lada ba ya zama daidai a ko ɗaya daga cikin matakan biyar ɗin. Game da mataki na biyar ma ka yi hattara ƙwarai, kada ka ga riga ta yi tsada ka jefa ta can. A tsawon shekaruna kaɗan na gani da zan iya sa su a wurin, kuma mafi kusa shi ne irinka, wanda ya tara kuɗi ya sayi zare mai kyau don ya koyi fitar da aska da hannunsa, ba don wani ya gani ba.

Saboda haka ka goge jerin nan na abinci da kwaɗo da mota. Ka yi bayanin matakan biyar a taƙaice, sannan ka ɗauki kaya ɗaya, wato kaftanin shadda, ka kawo masu saye uku ba tare da ambaton sunan kowa ba. Ga kowannensu ka rubuta abin da ya tambaya da farko, da abin da ya ƙi yarda a canza, da matakin da hakan ya nuna, da yadda ya shafi kuɗin da muka yanka masa da maganar da muka yi masa. Littafin awo na bara yana cikin durowar keke na biyu, ka duba shafukan watan Sha'aban da na azumi, za ka samu ƙyallen ankon nan har yanzu a liƙe. Ranar Asabar kuma kai za ka tsaya wurin karɓar aiki daga safe zuwa azahar, ka riƙa rubuta tambayar farko da kowane mai kawo yadi ya yi maka.