Ajiyar albasa irin ta abokinka

"Kawu, Allah ya ƙara lafiya. Abokina na Aliero ya ajiye albasa bara, ya fitar da ita bayan damina, har ya sayi babur ya gyara gida. Na tara naira 400,000, zan ranto 200,000 in cika in yi irin nasa a nan Birnin Kebbi, akwai wani shago da babu kowa a ciki. A al'adarmu sai na nemi izininsa, ko kuwa ba komai in na shiga ba tare da ya sani ba?"

Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Sana'a ba gonar gado ba ce, kasuwa kuma ta kowa ce, saboda haka babu wanda zai ce ka yi haram don ka ajiye albasa. Abin da al'ada ta hana shi ne ka zagaya ta bayansa ka je wajen manomin da yake saye a hannunsa ka ƙara kuɗi, ko ka janye masa mai sayensa. Wannan addini ma ya hana, domin an ce kada mutum ya yi ciniki a kan cinikin ɗan'uwansa. Zuwa wajensa kuwa wajibi ne a ganina, amma ba izini za ka je nema ba. Iyayenmu da suka ce yaro ya zauna ƙarƙashin ubangida shekara ɗaya ko biyu kafin a sallame shi, sun san cewa abin da ke riƙe sana'a ba a ganinsa daga bakin hanya. Kai babur ka gani. Ba ka ga ranar da aka yanke wa albasar nan ruwa ba, ba ka kuma ga buhu nawa aka kwashe aka zubar bayan gari ba.

Ribar ajiya tun a gona ake yanke ta. Albasar da za ta kai wata biyar ko shida ita ce ta rani, wadda aka daina yi wa ban-ruwa kamar mako biyu kafin cira, aka bari ganyenta ya kwanta da kansa, sannan aka shanya ta har wuyanta ya bushe ya tsuke. Manomin da zai kai kasuwa gobe ba ruwansa da wannan. Shi nauyi da girma yake so, don haka zai ɗura mata takin yuriya, ya shayar da ita har kusa da cira. Sai ta fito manya-manya, tana sheƙi, ta fi kowacce kyau a ido, alhali cikinta ruwa ne kuma wuyanta mai kauri ne, ta nan ruɓa take shiga. Baƙon da ya zo kasuwa da kuɗi a aljihu irin wannan yake fara nunawa, dillali kuma ba zai hana shi ba. Abokinka ko dai shi ya noma tasa, ko ya san gonar da ta fito. Kai buhu ɗaure za a nuna maka, na sama zaɓaɓɓu ne.

In za ka saya, a zazzage buhun a ƙasa a gabanka. Ka murza wuyan albasar da yatsu biyu: in ya yi santsi ko danshi, ba ta bushe ba. Ka danna kusa da wuyan da babban yatsa, in ya lotsa to ta fara tafiya daga ciki. Ɓawon mai kyau yana ƙara in ka taɓa shi. Ka ware tagwaye, da wadda ta fitar da bututun fure, da wadda fartanya ta sara, da wadda ka ɗaga ɓawonta ka ga baƙar ƙura kamar gawayi. Waɗannan na miya ne a makon nan. Ja matsakaiciya mai tauri ta fi farar albasa jure ajiya.

Shagon nan kuma ka cire shi daga ranka. Rufin kwano, daɓen siminti, ƙofa ɗaya: tanda ke nan a watan Afrilu, kuma in damina ta sauka gumi ba shi da inda zai fita. Albasa abu ne mai rai, tana numfashi tana fitar da ruwa a hankali, dole iska ta ratsa ta ta ƙasa da ta gefe. Shi ya sa mutanen Aliero suke yin rudu: a kafa itatuwa a ɗaga shimfiɗar kara sama da ƙasa kamar tsayin gwiwa, a zuba albasar ba a cikin buhu ba, kada zurfinta ya wuce kamu ɗaya zuwa ɗaya da rabi, a rufa da ciyawa yadda ruwa ba zai taɓa ta ba. Bayan haka sai tsinta. Duk mako biyu, musamman daga Yuli zuwa Satumba, sai an juya an fitar da wadda ta ruɓe da wadda ta tsiro, domin guda ɗaya in ta fashe ruwanta yana kama na kewaye da ita. Alamar an makara ita ce wari mai tsami da ƙananan ƙudaje suna yawo a kan tsibin. Abokinka rudunsa yana bayan gida, yaran gida ne masu tsinta. Kai kana wurin aiki daga safe har la'asar, wa zai duba maka?

Zo mu yi lissafi. Farashin da zan sa misali ne kawai, ka canza shi da na kasuwar ranar da za ka saya. A ce buhu yana naira 20,000 lokacin cira, 600,000 ɗinka ta ba ka buhu 30. Dako da mota zuwa Birnin Kebbi a 1,500 kowane buhu, 45,000. Yin rudu da hayar fili, 60,000. Masu tsinta sau goma a 3,000, 30,000. Ka kashe 735,000, wato tun ba a je ko'ina ba ka wuce abin da ke hannunka da 135,000. Ranar sayarwa kuma akwai sabon buhu da dako da mota da la'adar dillali, a ce 2,500 kan kowane buhu.

Yanzu buhu nawa za su fito daga rudun? Ko ba ta ruɓe ba tana ramewa, kuma mai saye zai sa a cika buhu har ya tashi sama da bakinsa. A ce gwani ya zuba 30 ya kwashe 20, kai kuma sabon shiga da kayan kasuwa ka kwashe 15. In farashi ya kai 50,000, buhu 15 sun ba ka 750,000, abin da ka kashe duka 772,500. Farashi ya ninka sau biyu da rabi, kowa yana cewa masu albasa sun yi kuɗi bana, kai kuma ka faɗi da 22,500. Abokinka a wannan kasuwa, a wannan rana: buhu 30 daga gonarsa sun tsaya masa a kan 14,000, wato 420,000, rudunsa tsoho ne, bai biya masu tsinta ba, ya sayar da 20 a miliyan ɗaya, ya cire 50,000 na kai wa kasuwa, ya tashi da 530,000. Inda wani ya yi rawa aka ba shi kuɗi, wani in ya yi duka zai sha. Hanyar gane matsayinka mai sauƙi ce: ka raba duk abin da ka kashe kafin ranar sayarwa da adadin buhun da kake jin za su tsira, ba waɗanda ka saya ba, ka ƙara kuɗin kai wa kasuwa. Da buhu 15 sai farashi ya wuce 51,500 kafin ka ci kwabo, da 20 kuwa 39,250 ya fitar da kai.

Bashin 200,000 ya fi komai damuna. Ajiya sana'ar mai haƙuri ce da kuɗin da ba a nemansa. Mai bashi zai zo a watan Yuli ko Agusta, lokacin da hatsi ya ƙare a gidaje kowa yana neman na abinci da na taki, albasa kuma ba ta kai inda za ta kai ba. Sai ka fasa rudu ka sayar a tsakiyar hanya, bayan ka riga ka ɗauki asarar ramewa. Kuma shekarar da ta biyo bayan ta riba ita ce mafi haɗari, domin ba kai kaɗai ka ga babur ɗin ba. In kowa ya ajiye, kowa zai fitar lokaci ɗaya, ga ta Galmi tana shigowa daga Nijar. Akwai ma abin da ba ya hannun kowa: a 2021 da aka dakatar da kai kayan abinci Kudu na 'yan kwanaki, kayan gwari sun taru a kasuwannin Arewa farashi ya zube. Mai tsohuwar hulɗa da 'yan kasuwar Legas ko Onica yana samun labari a waya kafin ya ɗaure buhu. Kai sai ka isa kasuwa za ka ji.

To me za ka ɗauka daga wajensa? Ka duba abin da kake da shi wanda shi ba shi da shi. Shi yana kusa da gona, kai kana kusa da tukunya. Masu tuwo-tuwo, masu tsire da balangu, masu shayi da ƙwai, mata masu abincin biki, duk suna sayen albasa kowane mako kuma ba za su je Aliero ko Jega don rabin buhu ba. Ka fara zagaya goma daga cikinsu ka tambayi abin da kowa yake ci a mako da inda yake saye. In abin ya kai buhu biyu ko uku, sai ka riƙa ɗaukowa daga hannun abokinka kana raba masu a kwando. Ribar buhu ƙarama ce, amma kuɗin yana juyawa sau huɗu a wata, albasar ba ta kwana goma a hannunka, shagon ma ya isa wannan. Ciwon wannan hanya bashi ne: mai abinci zai ce sai ya sayar. Ka sa ƙa'ida tun farko, ba a ɗaukar na biyu sai an biya na farko.

In kuma ajiyar ce ranka yake so, to ka sa kuɗinka a rudunsa a kan ƙiradi. Kai ne mai dukiya, shi ne mai aiki, ku yanka rabon riba, rabi da rabi ko yadda kuka yarda, ba wani adadin kuɗi tsayayye ba. In asara ta zo ba da sakacinsa ba, a kan dukiyarka take, shi kuma ya yi asarar wahalarsa, wannan ka sani tun yanzu don kada zumunci ya ɓaci daga baya. A rubuta, a sa shaidu biyu, ko da kuwa tare kuka yi makarantar allo. Kada ka wuce 150,000 a karon farko, cikin kuɗinka ba na aro ba, kuma ka roƙe shi ya riƙa kiranka ranar saye da ranakun tsinta. Ka tafi da littafi ka rubuta buhu nawa aka zuba, kwando nawa aka zubar kowane zuwa, da farashin kasuwar wannan mako.

Ranar da za ka je wajensa, ka je da kanka bayan la'asar da ɗan goro, ka gaida mahaifinsa tukuna, sannan ka faɗa masa niyyarka a fili. Kada ka tambaye shi nawa ya ci, ba a yi wa ɗan kasuwa wannan tambayar, kuma ba zai faɗa maka gaskiya ba. Ka tambaye shi buhu nawa ya zuba bara, nawa ya kwashe, wane wata ya fitar, kuma wace shekara ce ta taɓa kayar da shi. Ka gaida mahaifiyarka.